Ranar Da Na Nemi Rimot Daga Hannun Baba

A gidanmu na Ƙofar Guga akwai abubuwa biyu da ba a taɓawa: tabarau ɗin Baba da rimot ɗinsa. Rimot ɗin ma a cikin leda yake, an naɗe shi da salatif tun ranar da aka kawo sabuwar talabijin. Baba ya ce mai shago ya saita ta da hannunsa, saboda haka duk wanda ya shiga wajen saiti neman magana yake yi. Tsohon akawun kotu ne, in ya yanke hukunci babu ɗaukaka ƙara.

Autanmu kuwa fim ya sa a gaba. Shekara uku yana bin masu kyamara, Baba yana kallonsa da ido kawai. Da haƙurinsa ya ƙare sai ya ce, “Kawo mini abin da ka yi in gani. In aiki ne, ka ci gaba. In wasa ne, ranar Litinin ka tahi shagon Kawunka.” Kawu ƙanen Mama ne, yana sayar da tayil a Ƙofar Kwaya, kuma ya daɗe yana cewa hannun Auta ya dace da ɗaukar kwali.

Fim ɗin gajere ne, minti ashirin, a kan wata Bafulatana mai tallan nono da ke shigowa gari kullum da ƙwarya a ka. Na gani a kwamfutarsa, wallahi sai da na share ƙwalla, ni da ba na kuka ko a gidan biki. Amma ana saura kwana biyu a nuna wa Baba ya zo gidana a Kambarawa, fuska kamar an aiko masa da sammaci.

“Yaya, talabijin ɗin Baba za ta kashe ni.”

“Cizo take yi?”

Ya zauna ya yi mini karatu. Wai fim hotuna ne ashirin da huɗu ke wucewa a kowace daƙiƙa, haka aka saba ɗaukarsa, kuma haka ya ɗauki nasa. Ita kuwa sabuwar talabijin sai ta dubi hoto biyu, ta ƙago wasu na ƙarya ta cusa a tsakaninsu don motsi ya yi sumul. A ƙwallo abin yana da daɗi. A fim kuwa sai komai ya koma kamar bidiyon kamu da aka ɗauka jiya. Ana iya kashewa a cikin saitin hoto, a wajen da ya shafi motsi.

“To ka faɗa wa Baba mana.”

Ya zaro ido. “In ce masa talabijin ɗinsa tana da laifi? Cewa zai yi rawa ce ban iya ba na ce ƙasa ta karkace.”

Gaskiyarsa ne. Sai na ce ya bar mini. Ranar Juma'a, Baba na fita masallaci, na faɗa falo kamar ɓarauniya, Mama tana tsaron ƙofa tana cewa ita ba ta ga komai ba. Auta ya rubuta mini matakan a takarda. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ta cikin ledar nan mai santsi, na kashe, na mayar da rimot daidai inda na same shi. Na koma gida ina jin kaina injiniya.

Asabar bayan la'asar aka hallara. Baba a kujerarsa, Kawu a gefensa ya zo ɗaukar sabon ma'aikaci, mu muna ƙasa a kan darduma. Auta ya soka filashi a bayan talabijin, Baba ya danna da kansa.

Minti ɗaya bai cika ba na san an yi ɓarna. Bafulatanar da na gani a kwamfuta tana tafiya da nauyinta, a nan sai ga ta tana sulɓi kamar an shafa wa titi mai. Da ta ɗaga ludayi tana dama fura da sauri, gefen hannunta ya riƙa wani kyarma. Auta ya juyo ya dube ni. Na dube shi. Ashe ita talabijin ɗin kowace kafa da ake jona mata abu da nata saitin. Ni a kan tashoshin dikoda na kashe, kafar filashi kuwa tana nan yadda mai shago ya bar ta. Shi ma gwanin bai tuna ya faɗa mini ba.

Kawu ya gyara zama. “Kai, hoto ya hito tas! Irin wanda yaron nan ya ɗauka a bikin ɗiyata. Auta, ashe kai ma ka iya ɗaukar biki?”

Yabo yake yi, bawan Allah. Auta ya sunkuyar da kai, na ga wuyansa yana zufa. Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya shawara da ni.

“Baba, don Allah a ba ni rimot.”

Mama ta ce, “Innalillahi.” Baba ya tsayar da fim ɗin, ya dube ni ta saman tabarau.

“Mi za ki yi da shi?”

“Abin da na yi jiya kana masallaci, ban yi daidai ba.”

Tunda na riga na tona kaina, sai na zazzage sauran. Na ce wannan ba aikin Auta ba ne muke kallo, talabijin ce take ƙara hotunan da bai ɗauka ba. Baba ya juya wajen Auta.

“Kai, gaskiya ne? Ƙari take yi maka?”

“Eh, Baba. Abin da na ɗauka yana nan, amma tana cusa nata a tsakani.”

Baba ya gyara tabarau. Can ya ce, “Shekara talatin ina rubuta maganar mutane a kotu, ban taɓa ƙara wa wani kalmar da bai hwaɗa ba.” Ya miƙa rimot, ba ni ya ba, Auta ya ba. “Cire mata baki daga maganarka.”

Auta ya shiga saitin hoto, ya kashe abin, ya mayar da fim ɗin farko. Bafulatana ta dawo da tafiyarta ta mai kaya a ka. Da kyamara ta bi ganuwa a hankali, hoton ya ɗan yi tsalle-tsalle kaɗan, Kawu ya ce, “To ga shi kun lalata, ɗazu ya fi.” Auta ya ce haka fim yake, da murya irin wadda ban san yana da ita ba. Haka muka kalla har aka gama.

Baba ya cire tabarau ya goge. Ya ce wa Kawu, “Alhaji, sai ka nemi wani mai ɗaukar kwalin.” Ya dubi Auta ya ce, “Allah ya yi maka albarka.” Auta ya ce amin, ya tashi ya fita tsakar gida da sauri, wai zai duba ko an ɗauke ruwan famfo.

Da zan tafi na durƙusa yi wa Baba sallama, ina jiran faɗan shiga falonsa da na yi. Sai ya rage murya.

“Ke, tsakanina da ke, ni ban ga wani bambanci ba. Na farko da na biyu duk ɗaya ne a idona.”

“Haba Baba! To me ya sa ka yarda?”

“Ai ba talabijin na kalla ba. Shi na kalla. A na farko kamar ana yi wa ɗansa duka a gabansa. Wanda wasa yake yi ba ya jin ciwo haka.”