Hannun Da Bai Buga Tabarma Ba

Mahaifina yana da izu sittin a ka, kuma bai taɓa ɗaukar su abin da mutum yake mallaka ya kwanta ba. Cewa yake hadda tamkar akuya ce, ranar da ka manta ba ka ɗaure ta ba, ranar za ka neme ta a gidan maƙwabta. Gidanmu yana unguwar Miskine, shagonsa na kayan gini yana titin Koudoukou. Kullum da ƙafa yake zuwa, da ƙafa yake dawowa, ko da masu babur suna binsa suna masa ham. Izu ɗaya a tafiya, izu ɗaya a dawowa, cikin kwana talatin ya zagaye sittin ɗin ya koma farko. Takunsa da muryarsa tare suke tafiya. In kika gaishe shi a hanya hannu kawai zai ɗaga miki, domin in ya tsaya amsa gaisuwa sai ya koma farkon sumuni.

Ni ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata. Shi ya koya mini karatu. Ya nuna mini yadda ake raba izu gida takwas, kowane kashi sumuni ke nan, sannan a bi sumunin aya aya. Ki maimaita ta farko har ta zauna, ki kama ta biyu, sannan ki haɗa su ki karanta tare, domin a mahaɗa ake faɗuwa. Sabon karatu da safe, na kwana bakwai da suka wuce da rana, tsoho kuma a bi shi da zagaye. Na yi izu shida na gaji. Sango, yaren garin, ya fi mini daɗin baki, keken ɗinki ya fi mini daɗin hannu. Amma duba littafi ina bin mai karatu da yatsa, wannan na iya sarai.

Akwai abu ɗaya da tafiya ba ta yi masa. Mai hadda ba ya jin kuskuren kansa. In kalmar da ba ita ba ta shiga ta zauna daidai da sautin da ya saba, kunnensa wucewa zai yi. Saboda haka kowace Alhamis yake zuwa unguwar Yakité wajen abokinsa, wani tela ɗan ƙasa wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, amma kunnensa ba ya barin ko wasali. Tela ya buɗe littafi, Baba ya karanta da ka. In an yi kuskure sai tela ya bugi tabarma da tafin hannu, ba ya cewa komai. Baba ya koma baya ya sake. In an buga sau biyu bai gano ba, sannan a faɗa masa kalmar, shi kuma ya maimaita wurin tare da ayar gabansa da ta bayansa har gyaran ya kama. Na sha raka shi ina yarinya. Wata Alhamis ɗin in ba a bugi tabarmar ko sau ɗaya ba, sai tela ya rufe littafi ya ce da Sango, "A yeke nzoni," wato ya yi kyau. Ranar Baba har tsire yake sayo mana.

Sai rikici ya zo. Ba zan ba da labarinsa a nan ba, wanda ya gani ya sani. Gidan Miskine ya tafi, har ƙofofinsa aka ɓalle. Tela ya hau babbar mota da iyalinsa ya nufi Chadi, ko sallama ba su yi ba. Mu kuma muka dawo ɗakin ajiya na bayan shago, mu bakwai, tsakanin buhunan siminti da kwanon rufi. Daga shimfiɗar Baba zuwa kantarsa taku goma ne. Ya gwada karatu a zaune, sai barci ko tunani ya ɗauke shi. Ya gwada zagaya tsakar gida, wurin bai kai ya saki ƙafa ba, kafin aya ta ƙare ya ci karo da bango. Ga harbi, ga jana'iza kusan kullum. Watanni suka wuce zagayen kwana talatin bai cika ko sau ɗaya ba.

Da abubuwa suka ɗan lafa, wata safiya ya miƙo mini littafin.

"Uwata, zauna ki riƙe mini. Kin ga yadda tela yake yi. Kada ki ji kunyata."

Na ce to. A izu ɗaya na bugi tabarma sau goma sha ɗaya. Mafi yawa a ayoyin nan ne masu kama da juna, waɗanda suke farawa iri ɗaya su rabu a ƙarshe. Sai ya ɗauko farkon wannan ya ƙarasa da wutsiyar waccan, ya zarce cikin wata sura can daban da muryarsa mai daɗi, bai san ya bar hanya ba. Da muka gama ya karɓi littafin ya ajiye. Bai ci abincin rana ba, bai ci na yamma ba. Washegari jininsa ya hau har sai da aka nemo mai allura.

Inna, mahaifiyata, ta ja ni bayan buhunan siminti.

"Ke wace irin 'ya ce? Mutum ya rasa gida, ya rasa aboki, abin da ya rage masa shi za ki tsaya kina buga masa tabarma a kai kamar mai kakkaɓe ƙura? Ki sassauta masa. In ya samu ƙarfi sai a gyara."

Ina ma a ce zan iya ɗora mata laifin duka. Gaskiya ni ma na ji sanyi da ta faɗa. Ba na son ganin fuskarsa in hannuna ya sauka, kuma kowane gyara yana cin lokaci, ga ɗinkin mutane yana jirana. Washegari na buga sau huɗu a inda ya kamata in buga tara. Bayan mako guda na koma sau ɗaya ko biyu, don kada ya yi zargi. Ƙananan nake kamawa, manyan da za su sa ya koma baya shafi guda in bar su su wuce, in juya takarda a hankali in nemo inda ya faɗa. In ya gama ya ɗago ya dube ni, sai in ce, "Ya yi kyau, Baba."

Ya warke kuwa. Ya koma cin abinci, ya dawo da izu biyunsa a rana, ɗaya bayan asuba ɗaya bayan la'asar, yana kaɗa jiki gaba da baya a madadin tafiya. Inna tana kallona tana murmushi, wai mun yi dabara. Ni da aka koya wa yadda hadda take zama, na san abin da muke yi. Maimaici bai san daidai da kuskure ba, duk abin da aka ba shi dasawa yake. Kowane kwana talatin kuskuren nan yana dawowa a wurinsa, da sautinsa, ina ji yana ƙara zama. Zagaye bakwai muka yi a haka. Kullum ina cewa wata mai zuwa zan fara gyarawa.

Da azumi ya matso, limamin masallacin layinmu ya zo shago. Mahaddatan unguwa sun watse, wasu Kamaru wasu Chadi, ba wanda zai ja asham da ka sai Baba. Ina bayan labule ina jin su. Baba ya ce, "Da bara ne da ban karɓa ba, Malam. Amma 'yata ta tsaya mini, ta gyara ni tas." A daren da ya karɓa na so in faɗa masa. Na je har bakin shimfiɗarsa, na tarar yana gwada farar rigar da zai sa, na ce masa wuyan ya yi daidai na fito.

Ranar farko lafiya, don izu biyun farko ko a mafarki ba ya ɓata su. Rana ta uku matsala ta fara. Ina sahun mata, bango ne tsakaninmu, amma lasifika ba ta ɓoye komai. Akwai mai riƙe da littafi a bayan Baba, kamar yadda aka saba. Baba ya kai wata mahaɗa da na sani sarai, na runtse ido, ya tsallaka wata surar. Murya daga baya ta ɗora masa daidai. Ya koma, ya sake faɗin abin da ya saba, domin wata bakwai bakinsa yana bin nan. Aka sake gyara masa. Karatun ya tsaya masa cak. Wata mata kusa da ni ta ce da Sango bayan sallama, tsufa ya kama bawan Allah. Rana ta huɗu abin ya fi muni. Rana ta biyar liman ya ce, cikin ladabi, za a riƙa karantawa daga littafi don a sauƙaƙa wa Alhaji.

Da safe ya kira ni. Ya ba ni littafin ya ce in buɗe izu na bakwai. Ya karanta, da gangan ya bar aya guda cur, yana kallon hannuna. Ni kuma saboda sabo hannun bai motsa ba. Sai da na ga idonsa na gane.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka kwanta, Baba."

"Duka sittin ɗin?"

Na ce duka. Inna tana bakin ƙofa tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa da bakinta a ciki ba. Wannan ma ban yafe shi da sauƙi ba.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Da mantawa na yi, Uwata, da na san inda ramin yake in cike shi. Yanzu ban san wanne ne nawa wanne ne ba nawa ba." Ya miƙa hannu ya karɓi littafin.

Ya koma farko yana da shekara sittin da takwas, sumuni sumuni kamar ɗan koyo, a gaban wani malami Bacadiye da ba ya jin Hausa kuma ba ya jin tausayi. Cire kuskuren da ya zauna ya fi sabuwar hadda wuya, domin tsohon sautin yana riga sabon zuwa baki. Wani sumunin sai ya yi mako a kansa. Cikin shekara huɗu ya tsabtace izu goma sha tara, a nan ajali ya same shi.

A shekarun nan bai canza mini fuska ba. Yana cin abincin da na dafa, shi ya ɗaura mini aure, yana sa mini albarka. Amma in yana karatu na shigo ɗakin, sai ya ɗauke murya ya bar leɓe kawai yana motsi, har in ɗauki abin da na zo nema in fita. Sai na ja ƙofa sannan nake jin ya ci gaba.