Saƙon famfon da ya makara

A layinmu Baba Tantama muke ce masa, mai gyaran famfon burtsatse. Ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa cikin kofin. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, cike da bututu da tsofaffin robobi, ga babur a ƙofa da yake shiga ƙauyuka da shi.

Babu abin da ya tsana kamar wayar shafa. Ya ce ɓarauniya ce, ka sa mata data da safe, kafin azahar ta lashe.

Babbar 'yarsa ta karanci kwamfuta, sai ta haɗa masa wata manhaja ƙarama. Masu kula da famfo a ƙauye za su danna abin da ya lalace, ko hannun famfon ko bututu. In babu sabis, saƙon ya zauna cikin wayar; da sabis ya leƙo, ya fita a gajeren saƙon tes, ba ruwansa da data.

"Abin da ba ya cin data, me yake ci?" in ji Baba. "Ko uwarki ce ta sa ki, don ta riƙa sanin inda nake?"

"Baba, ba ya bin sawun kowa."

Da ƙyar ya karɓa. Duk safiya sai ya duba datarsa, ya ga tana nan, ya yi tsaki kamar an cuce shi.

Wata rana saƙo ya shigo: famfon wani ƙauye na bayan dutse ya daina ba da ruwa. Ya ɗaure kaya, ya sha hanya. Da isarsa ya tarar mata na ta buga ruwa. Tsohon abokin aikinsa, wanda suka rabu ba daɗi, ya riga ya gyara.

Ya dawo gida ko takalmi bai cire ba.

"Shi ma kin saka masa, ko? Ni kike turo wa ragowa!"

'Yar ta rantse ba ta yi ba. Ta kira matar da ke kula da famfon. Ashe tun makon jiya matar ta danna, amma sabis ɗin ƙauyen ya ɗauke, saƙon ya yi ta kwana a wayarta. Da suka ji shiru suka nemi wani. Sai da ta fito kasuwa saƙon ya fita.

"Laifina ne," in ji 'yar. "Ban sa ranar da aka danna a cikin saƙon ba."

Ta gyara. Ta kuma sa wayar mai turawa ta riƙa nuna ko saƙo ya fita ko yana jira, da wurin soke shi.

Baba ya ci gaba da amfani da manhajar, har ya tallata ta ga masu gyaran injin niƙa. Amma yanzu ba ya tada babur sai ya kira ƙauyen, ya ce a kai wayar bakin famfo, a buga hannun yana ji.