Minti Casa'in da Rabin Baki

Kafin ciwon, in na shiga aji a jami'ar Aliero ina koyar da ƙididdiga, har tsuntsayen kan rufi sai sun koma Maiyama neman shiru. Awa biyu nakan yi ban haɗiye yawu ba. Sai hawan jini ya kayar da ni wata safiya a gidana na Jega, ya tashe ni da rabin baki da hannun hagu kamar na aro.

Bayan na koma aiki, shugaban sashenmu, yaro ne a kaina, ya zo yana sosa ƙeya.

"Malam, akwai kujera ofishin jarrabawa. Akwai fanka."

"Akwai likkafani?" na ce.

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Muka yanke cewa zai zauna a darasina na gaba, na minti casa'in. In na iya, in riƙe ajina. In na kasa, sai fanka. Na laluba cikina ko zan sami tsoro, ban sami komai ba.

A tsakar gida na tsara darasin, uwar 'ya'yana na riƙe da agogo. Na yi ta magana har harshe ya yi nauyi.

"Minti goma sha biyu," ta ce. "Wagga ita ce rahamar da ni daɗe ina roƙo."

Ke nan dole alli da ɗalibai su ɗauki sauran. Na ba gabatarwa minti biyar. Misali na farko, goma sha biyar, rabinsa alli ne zai yi magana: albasa biyar masu nauyin giram ɗari, ɗari da ashirin, ɗari da talatin, ɗari da hamsin, da wata ƙatuwa mai ɗari biyar. A tara a raba biyar, matsakaici ɗari biyu. A jera su a ɗauki ta tsakiya, ɗari da talatin. Su gani da idonsu yadda ƙatuwa ɗaya ke jan matsakaici har ya fi albasa huɗu nauyi. Misali na biyu, shi ma goma sha biyar, ma'aunin warwatsuwa, da lambobi uku kacal: biyu, huɗu, shida. Sai su zauna bibbiyu minti talatin da biyar, ɗaya na aiki ɗaya na tambayar dalili, su yi musanya. Goma sha biyar a fito allo, biyar in rufe. Ko allura ba ta da wurin shiga.

Gaisuwa na manta. Ina shiga, ajin ya miƙe, suka taho ɗaya bayan ɗaya suna rusunawa.

"Malam, ya jiki? Allah shi ƙara sauƙi."

"Malam, babana na gaishe ka."

Ba a amsa gaisuwar jinya da ka. Na amsa kowacce, kuma a ganina duk jihar Kebbi ta yi rajista a ajin nan ran nan. Kafin su zauna kusan sulusin awa ya tafi, ya tafi da harshena. Shugaban yana baya, ya sunkuyar da kai.

Na tsallake gabatarwa. Albasa na yi ta da alli da 'yan kalmomi kaɗan. Misali na biyu kuwa babu bakin yinsa. Na rubuta biyu, huɗu, shida, na rubuta matsakaicinsu huɗu, na rubuta: a cire huɗu daga kowace, a auna warwatsuwarsu. Na nuna su bibbiyu da yatsa, na zauna.

Can wani ɗan Dangamaji mai faɗin kafaɗa ya ɗaga murya.

"Sifili ni samu! Ba su warwatse ba ke nan."

Abokin zamansa ya ce, "Kai baƙauye, biyu da shida ɗaki guda suka kwana?"

"To tara ka gani. Bashin biyu, sifili, rarar biyu. Mi ya rage?"

Wata daga layin mata ta juyo. "Kullum sifili za ka samu, suna cinye juna. Ninka kowace da kanta tukuna."

Suka sami huɗu, sifili, huɗu, jimla takwas. Gardama ta koma kan a raba da uku ko da biyu. Na tashi na rubuta kalma ɗaya, samfur, wato ɗiba ce daga cikin taro, don haka a rage ɗaya. Suka raba da biyu, huɗu, suka ɗauki tushensa, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba huɗu, biyu. Wannan kuskuren na sifili na yi shekara da shekaru ina hana shi faruwa da surutu, kuma kullum sai na tsince shi a takardun jarrabawa.

Fitowa allo ta gajarce, mutum uku kawai suka samu. Rufewa ban yi ba.

A bakin ƙofa shugaban ya ce, "Malam, ajinka ne. Sai dai a dinga gaisawa waje."

Na ce to. Na jira farin ciki ya zo, har motar haya ta cika bai zo ba. A Jega uwar 'ya'yan ta tambayi yadda aka yi.

"Sun bar mini ajin."

Ta zuba mini tuwo, ta gyara mini hannun hagu a kan gwiwa, don ya zame ban ji ba.