Santimita Goma Sha Huɗu

Ni ba ni da haƙurin maimaita magana, kuma sana'ar da na zaɓa maimaici ce zalla. Abaya nake sayarwa ta waya, daga wani ɗaki a bayan gidanmu na Nassarawa GRA. Duk hoton da na ɗora, tambaya ɗaya ce ke biyo shi: "Za ta yi mini?" Kamar ni na haife su.

Laifin ba nasu ba ne kaɗai. Lambar da ke wuyan abaya, hamsin da huɗu ko hamsin da shida, tsawonta ce a inci, daga kafaɗa zuwa ƙasa. Mata da yawa faɗi suke ɗaukarta. Sai gajeruwa mai jiki ta ce a ba ta hamsin da takwas, ta sa, ta share titi da ita.

Umma, mahaifiyata, ita ke fitar da ni. Ta yi ɗinki tun tana amarya, har ciwon gwiwa ya raba ta da keke. Tun rasuwar Abba ba ta cika fita ba, kuma unguwarmu kowa na bayan katangarsa. Idan tambaya ta zo, sai in kai mata wayar ɗakinta. Ta dubi hoton da matar ta turo, ta danna, ta yi mata saƙon murya.

"'Yata, ɗauki hamsin da shida, amma mai faɗin. Kin ce shayarwa kike, ki bar wa ƙirji wuri. Yaya mai sunan malam?"

Tambayar minti ɗaya sai ta zama hirar rabin awa. Ina tsaye a kanta ina cika ina batsewa. A rana nakan shiga ɗakin nan sau goma.

Da abin ya ishe ni, na sayo tef ɗin awo, na juya gefen santimita. Na shimfiɗa kowace abaya a kan tebur. Daga hammata zuwa hammata in auna, in ninka biyu, ƙirji ke nan. Haka ƙugu. Sai hannu daga ɗinkin kafaɗa, sai tsawo. Hamsin da shida ta tashi santimita ɗari da arba'in da biyu. Na haɗa su a jadawali, na rubuta a sama cewa awon rigar ne ba na jiki ba, mace ta auna kanta ta zaɓi wadda ta fi ƙirjinta da kamar santimita goma. Umma ce ta riƙe mini bakin tef ɗin. Har ita na auna don gwaji, ƙirjinta ɗari da goma sha biyu.

"To yanzu ba sai sun tambaya ba ke nan?" ta ce.

"Mun huta, Umma."

Ta ce Allah ya sa albarka, ta naɗe tef ɗin ta miƙo mini.

Jadawalin ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Maido da kaya ya ragu, waya ta yi shiru. Duk wadda ta tambaya sai in tura mata hotonsa. Shigata ɗakin Umma ta koma gaisuwar safe da ta yamma, daga bakin ƙofa, ita kuma kullum tana cikin hijabi a kan darduma. Wani lokaci takan ce, "Yau babu mai tambaya?" In ce babu, har da alfaharina.

Ana jibi Salla na kai mata abayarta, girman da ta saba. Da ta sa, kafaɗar ta zubo mata har damtse. Na fara zagin masu ɗinkin, na ce sun yi kuskuren lamba. Na shimfiɗa rigar na auna, daidai take. Sai na zagaya ƙirjin Umma da tef ɗin. Casa'in da takwas.

Na sake aunawa, ko na karanta ba daidai ba.

"Bari wahalar da kanki," ta ce. "Tun kafin azumi abinci ba ya zama mini. Na ga kina ta hidima ne."

Asibiti suka ce ciwon ya daɗe a cikinta. Ban tambayi likita ko da mun zo da wuri da an yi wani abu ba, don ina tsoron amsar. Abin da na sani, da ina shiga ɗakin nan sau goma a rana, da idona ya gani kafin tef ya gaya mini. Ba ta kai babbar Salla ba.

Jadawalin yana nan, ban cire shi ba. Bayan an yi arba'in, wata tsohuwar mai sayen kayana daga Kawaji, wadda ba ta ji rasuwar ba, ta turo saƙon murya.

"Yaya, na ga awon, na ma auna kaina. Amma don Allah ki kai wa Umma wayar ta duba mini. Za ta yi mini?"

Sai da na isa ƙofar ɗakin da wayar a hannuna na tsaya.