Ranar da Butar Mai Ta Yi Ja

Shekara talatin Baba Direba yana tuƙa Hajiya, bai taɓa ko goge bango ba. Da tsufa ya zo, sai ɗanta ya aiko mata da mota mai allo, wadda ke rubutu da yaren da ko bakanike ba ya iya karantawa.

Baba bai yi boko ba, amma ba a banza ya yi furfura ba. Ya riƙe launi da hoto. Ruwan ɗorawa, kamar na ruwan wanke gilashi ko tunin sabis, ƙorafi ne irin na suruka, yana iya jiran gobe. Ja kuwa, hoton butar man inji ko na ma'aunin zafi, ba a yi masa gardama.

Ranar jana'izar yayan Hajiya, suna tsakiyar hanya, allon ya yi ƙara, butar mai ta fito jawur. Baba ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Wata nawa tana wannan surutun kana tafiya?" in ji Hajiya. "In ba ka tayar ba, ajiye min makullina!"

"Ranki ya daɗe, da can mita take yi. Yau ihu ne. Minti kaɗan injin zai ƙone, mu tsaya inda babu kowa."

Ya miƙa mata makullin da hannu biyu, ya tare mata tasi. Ta samu sallar gawar da ƙyar.

Bakanike ya tarar man ya tsiyaye tas. Hajiya ba ta san hanyar ban haƙuri ba, Allah ya shirye ta. Washegari dai ta leƙo ƙofar gida inda yake zaune, tana faɗa: "Baba, rana ta yi, wa kake jira ya kai ni zaman makoki?"