Bel ɗin Kawu

Shekarar da kawuna, yayan mahaifiyata, ya faɗaɗa injinsa na casar shinkafa a bakin Haɗeja, ni ya kira in haɗa masa sabon bel. Aikin lantarki na karanta, kuma da shi nake ci, amma a wurin Kawu har yau ni yaron nan ne da ya taɓa goyawa a keke. In ya ce mini “Injiniya”, to tsokana ce.

Bel ɗin zai riƙa ɗaukar shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, daga ƙasa ya hau da ita ya zuba a babban mazubi da ke sama. Tsakanin moton da wuta akwai akwatin da muke kira diraib, shi ke rage wa moto gudu ko ya ƙara masa. Na zauna na kwafe abin da ke rubuce a jikin moton, ƙarfinsa da wutar da yake ja da yawan juyinsa, na shigar wa diraib. Sannan na ba shi daƙiƙa goma sha biyar ta tashi daga tsaye zuwa cikakken gudu, da goma ta tsayawa. Daga nan na ja waya mai sili biyu zuwa kwamfutar da ke kula da injin gaba ɗaya, na ba diraib lambarsa, na daidaita saurin maganarsu, domin in suka saɓa ko kaɗan ba sa jin juna. Na ce wa diraib daga yau daga wayar nan zai karɓi umarni. A jikin mazubin akwai na'urar da ke gane ya kusa cika. Ita za ta gaya wa kwamfuta, kwamfuta ta ce wa diraib ya tsaya. Da gangan na sa ta ƙasa da baki, don shinkafar da za ta ci gaba da zuba cikin daƙiƙa goman nan ta sami wuri.

Da na gwada, Kawu na tsaye hannu a baya. Bel ya motsa a hankali, yana ƙara gudu kaɗan-kaɗan.

Ya ce, “Injiniya, zazzaɓi yake yi ne?”

Na yi masa bayani. Na ce moto in aka fizge shi da kaya a kansa wuta mai yawa yake ja, diraib kuma ya yanke don ya kare kansa. In aka taka masa burki farat ɗaya, wuta yake mayar wa diraib, nan ma ya yanke. Kawu ya saurara kamar mai ji, sannan ya ce shi tun yana saurayi yake tayar da injin ban-ruwa a fadama, kuma lafiyayyen inji ja ɗaya ake masa ya kama. Na haɗiye takaici na tattara kayana.

Abin da ya sa ya damu, wasu manoman Auyo ne za su zo ganin injin. In ya yi musu, shinkafarsu ta ranin nan duka wurinsa za su kawo, kuma don ita ya yi wannan faɗaɗawar. Ranar ina wurin suka zo da hantsi a kan babura, da wani dattijo a gabansu, da buhunan gwaji a amalanke.

A gabansu Kawu ya ce, “Mayar da tashin nan daƙiƙa biyu. Kada baƙi su ce na sayo gwanjo.”

Na matsa kusa na rage murya. “Kawu, da kaya ba zai ɗauka ba.”

“Ni nake gaya maka.”

To me zan ce? A gidanmu ba a yi wa kawu musu a gaban mutane. Na mayar biyu, raina a ɓace. Bel babu komai a kansa, ai kuwa ya zabura. Kawu ya kalle ni da gefen ido, har da murmushi.

Aka yi ta zagayawa da baƙi har aka kira Azahar, aka tsayar da bel, muka tafi masallaci. Abin da ban zata ba, leburorin Kawu mutanen kogi ne, sun saba a loda kwalekwale yana tsaye kafin a tura shi. Kafin su yi alwala sai suka juye buhunan baƙi a kan bel daga ƙasa har inda hannu ya kai, wai don a dawo a tarar da aiki a shirye. Wallahi da kyakkyawar niyya suka yi, wannan ne ma ya fi ba ni haushi, don babu wanda zan zaga.

Muka dawo, aka ba da umarni daga kwamfuta. Moto ya yi gurnani, bel ya girgiza, diraib ya yanke, fuskarsa ta nuna wuta ta yi yawa. Na share gargaɗin, aka sake, ya sake yankewa. Ban tambayi kowa ba na mayar da sha biyar ɗina. Amma kafin in ɗaga kai Kawu ya riga ya yanke hukunci: wayar nan ce ke kawo rikici. Ya taɓa ganin na danna maɓallin da ke mayar da diraib hannu, sai ya miƙa yatsa ya danna, ya danna na tashi. Bel ya ɗauka a hankali da kayansa duka, ya hau.

Ya ce wa baƙi, “Kun gani? Hannu ya fi.”

Na ce, “Kawu, lokacin tashin ne na gyara. Yanzu in mazubi ya cika, kwamfuta za ta yi ta magana, shi kuma ba zai ji ba.”

“Ga ni tsaye. Ni zan kashe.”

Daga inda yake ba a ganin bakin mazubin. Na hau tsani don in duba masa. Leburori suna ta ƙari, shinkafa ta wuce na'urar, bel bai ko rage gudu ba. Na ɗaga murya, janareta ya cinye ta. Kawu ya ba ni baya, yana nuna wa dattijon rufin kwano. Sai da shinkafa ta fara zubo musu a kafaɗa ya juya ya danna. Bel ya ɗauki daƙiƙa gomansa na tsayawa, yana ta kwarara, Kawu na ta danna maɓallin kamar zai huda shi. Shinkafar ta zube a ƙasa inda ruwan jiƙon shanshera ya haɗu da baƙin man janareta.

Dattijon ya tsuguna ya ɗebi cikin tafinsa ya duba. Mutumin da ya sha wuni yana korar tsuntsu a kan shinkafar nan. Bai yi faɗa ba. Ya ce, “Alhaji, Allah ya sa albarka. Za mu yi shawara.” Kowa a wurin ya san ma'anar wannan shawarar. Ranin nan shinkafar Auyo wani injin ta tafi.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Mahaifiyata na zaune a tabarma tana tsince wake. Ta ce ta ji na kunyata yayanta a gaban baƙi da wata waya tawa. Na fara yi mata bayanin daƙiƙa biyu da sha biyar, ta ɗaga hannu.

“Ni ban san wannan ba. Ya yi asara, kai kuma yaro ne. Ka je ka ba shi haƙuri.”

Washegari na je, na cire takalmi, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe mini, amma nan gaba in riƙa jin maganar manya.