Kindirmon da na yi ta kai wa Yaya

Shekarar da cikin Yaya ya ɗaure, ina sana'ar kindirmo a gidanmu na Djamboutou. Matan Fulani kan kawo min madara da safe, in tafasa, in bar ta ta huce, in zuba cokali biyu na tsohon kindirmo a kai, in rufe. Maƙwabta suna cewa nawa na sakin ciki, ni kuma ina jin daɗin jin haka.

Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mahauci tun yana saurayi. Lokacin ya haura hamsin. Matarsa ce ta gaya min a ɓoye cewa yakan yi kwana huɗu bai zaga ba, shi da a da ba ya tsallake rana. Na ce ta kwantar da hankalinta. Kullum da hantsi sai in kai masa kofi cike har rumfarsa a kasuwa.

Makon farko ya ce ya ji dama-dama. Daga nan abin ya koma yadda yake. Na ƙara masa kofi na biyu. Wata biyu muna haka, har na lura ya huda sabon rami a bel ɗinsa, tuwon rana kuma rabi yake ci ya ture.

Wata ƙawata ta nuna min a waya wasu ƙwayoyi da ake kira firobiyotik, wai abin da ke cikin kindirmo ne aka tara da yawa. Na tafi famasi, shagon magani, neman su. Matar da ke wurin ta tambaye ni wa zan saya wa, na gaya mata.

"Zan sayar miki in kina so," in ji ta. "Amma gaskiya, binciken da aka yi bai tsaya wuri ɗaya ba. Wasu irin ƙwayoyin suna ɗan taimaka wa wasu mutane, kaɗan, wasu kuma ba sa yin komai. Kindirmo abinci ne mai kyau, sai dai ba wanda ya san wane iri ne a cikin naki, ko nawa ne. Wake da ganye da isasshen ruwa, da maganin sakin ciki, sun fi tabbas."

Sannan ta ce, "Shekarunsa nawa? Ya rame? Akwai jini?"

Biyun farko na amsa. Na ukun ban sani ba.

"Ki tambaye shi yau. Mutum mai shekarunsa da cikinsa ya canja haka kawai, yana ramewa, asibiti ya kamata ya je."

Na fito ban sayi komai ba.

Ba abu ne da ƙanwa ke tambayar wanta ba. Na same shi a rumfa yana wanke kayan ciki a babban daro. Na tsuguna gefensa, na tambaya idona a ƙasa. Bai ɗago ba. Ya ci gaba da matse hanjin saniya tsakanin yatsunsa, ruwa na bi ta ciki.

"Akwai," ya ce. "Ya kai wata uku. Abin kuma siriri yake fita."

"Yaya, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Kin ga wannan?" Ya ɗaga hanjin. "Wani lokaci mukan yanka dabba, ruwa ya zo wani wuri ya tsaya. In ka taɓa sai ka ji tauri kamar ƙwallon goriba. Irin wannan ba ma sayarwa."

Sai a nan na gane ya daɗe da zargin abin da ke cikinsa. Yana shan kindirmona ne don muddin yana sha, mu duka muna iya cewa ana magani.

Ya yi alkawarin zuwa asibiti bayan Sallah, saboda aiki ya yi yawa. Bai kai ba. Saura kwana shida Sallah, cikinsa ya kumbura, ko iska ba ta fita, ya fara amai. Muka ɗauke shi a motar wani abokin sana'arsa. A ranar aka yi masa aiki, aka yanke wani sashe na babban hanji da ƙari ya toshe. Likitan ya ce cutar kansa ce, wato daji, kuma ta taɓa hanta.

A barandar asibitin na tambayi likitan ko kindirmon ne ya ƙara abin. Ya ce a'a, bai ƙara komai ba, bai kuma rage ba. Na tambaya da mun zo da wuri fa? Ya ce ba zai iya rantsewa ba, amma zuwa da wuri ya fi.

Yaya ya dawo gida da jakar roba ta tara bayan gida manne a gefen ciki. Ya yi wata tara yana zama a ƙofar gida, mahauta na zuwa gaishe shi da yamma, yana tambayarsu yadda shanu suke a Mayo-Oulo. Ya rasu farkon damina. Matarsa ba ta taɓa yi min maganar watanni biyun nan ba, ni ma ban taɓa tayar mata ba.